Daga Ina Aka Taso, Ina Aka Kai: Yadda Mai Horarwa Zai Auna Ci Gaban Wanda Yake Horarwa

A 'yan shekarun nan an samu ƙaruwar masu horar da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu a garuruwanmu. Wasu ƙungiyoyi ne ke ɗaukar nauyinsu, wasu kuma mai sana'ar ne da kansa yake biyansu daga aljihunsa, su riƙa zama da shi duk sati ko duk sati biyu har tsawon wata shida. Idan wa'adin ya cika aka tambayi mai sana'ar yaya ya ga horon, amsar kusan ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, na ƙaru sosai." Ba ƙarya yake yi ba. Sai dai mutumin da ya saba da kai, ya ci ya sha da kai wata shida, da wuya ya dubi idonka ya ce bai ga komai ba. Kunya da kara ba za su bar shi ba. Don haka mai horarwa da ya dogara da wannan amsa kaɗai ba zai taɓa sanin ko aikinsa ya yi amfani ba, kuma wanda ya biya kuɗin ba zai san abin da ya saya ba.

Abin da ake buƙata abu uku ne, kuma dukkansu tun kafin a fara horon ake yanke su: me za a riƙa ƙirgawa, nawa yake a yanzu, da kuma ranakun da za a dawo a sake dubawa. Zan bi su ta kan misali ɗaya, domin a kan takarda kowa ya yarda da su, wajen aiwatarwa ne ake tuntuɓe. Alƙaluman da ke cikin misalin na kwatance ne, don a ga yadda lissafin yake tafiya.

Mu ɗauki tela mai ɗinkin maza a Kano. Yana da keke huɗu, yara uku suna aiki a ƙarƙashinsa, yana ɗinka kaftani da jamfa da babbar riga, yana kai aikin wuya wajen masu surfani, shadda kuma ya kai wa masu bugu. Hannunsa yana da kyau, kowa ya shaida. Ya zo wurin mai horarwa yana cewa: "Malam, so nake shagon nan ya ci gaba. Ina aiki dare da rana amma ban ga inda nake dosa ba."

Wannan buri ne mai kyau, amma ba a ƙirga shi. Aikin farko na mai horarwa shi ne ya yi ta tambaya har maganar ta sauko ƙasa. Tambayar da na fi ganin amfaninta ita ce: idan wata shida suka wuce shagon ya gyaru, me maƙwabcinka zai gani da idonsa wanda ba ya gani yau? Da aka matsa wa telan da wannan, sai ya ce maƙwabcin zai daina jin hayaniyar masu kaya a ƙofar shago, shi kuma zai daina kashe waya yana fakewa a gida. Nan fa aka iso ga ciwon. Saɓa alkawari ne yake cin shagon. Mai kaya ya zo ranar da aka ce masa, ya tarar ko yanka yadin ba a yi ba, ya tafi da fushi, gobe ya kai ɗinkinsa wani wuri.

To, ma'auni na farko ya samu: cikin kayan da aka yi alkawarin bayarwa a sati, nawa ne suka kammala a ranar da aka faɗa. Amma ko wannan sai an ƙara tsaftace shi, kuma a nan ne masu horarwa da yawa suke yin sakaci. Me ake nufi da an kammala? An gama ɗinki amma ba a sa maɓalli ba, ya shiga lissafi? An gama komai amma rigar tana wajen mai bugu fa? Idan mai kaya ne bai zo karɓa ba, laifin wa? Wace rana ce ta alkawari, ta farko ko wadda aka sake ba shi bayan ya zo ya koma? Dole a zauna a rubuta amsar a shafin farko na littafi. A misalinmu an tsaya a kan cewa kaya sun kammala idan an goge su, an ninke, an sa a leda kafin a rufe shago a ranar farko da aka faɗa wa mai su, ko ya zo ko bai zo ba. Riga da wando na mutum ɗaya saiti ɗaya ne. Gwajin ma'auni mai kyau shi ne a ba mutum biyu littafin su ƙirga daban, su fito da lamba ɗaya. In ƙaramin yaron shago ba zai iya ƙirgawa ba, ma'aunin bai nuna ba tukuna.

Wannan ma'auni yana nuna sakamako ne, kuma sakamako yakan yi jinkirin bayyana. Saboda haka ana haɗa shi da na biyu, wanda yake ƙirga abin da telan yake yi da hannunsa a kullum. A nan an zaɓi rubuta kowane ɗinki a littafi lokacin karɓarsa, da sunan kaya, da kuɗin kafin alƙalami, da ranar bayarwa, sannan kada a faɗi rana sai an duba abin da ke gaba a layi. Amfanin haɗa su biyu shi ne idan sakamako bai motsa ba, za a san inda za a duba. In ba ya rubutawa, matsalar ɗabi'a ce, sai a nemi abin da ke hana shi. In kuwa yana rubutawa tsaf amma har yanzu alkawari yana karyewa, to shawarar da mai horarwa ya bayar ce ba ta dace da ciwon ba, shi ne ya kamata ya sake tunani. Mai horarwa na gaskiya yana son ma'aunin da zai iya kama shi da kuskure, ba wanda zai kama ɗalibinsa kawai ba.

Na uku shi ne mai gadi, kuma ina ganin babu tsarin awo da ya cika ba tare da shi ba. Duk lambar da aka sa wa mutum ido a kanta, zai nemi hanyar ɗaga ta, ko da hanyar za ta ɓata wani abu. Wani masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, Charles Goodhart, ya yi wannan gargaɗi tun 1975 a kan sha'anin kuɗin ƙasa, kuma yana aiki har a shagon tela. Hanya mafi sauƙi ta cika alkawari ita ce a riƙa ba kowa wata guda. Lamba za ta hau zuwa 95 cikin ɗari, masu kaya kuma su gudu wajen wanda zai ba su a kwana goma. Wata hanyar ita ce a yi ta gaggawa, a ba da riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Don haka aka ƙara lambobi biyu masu sauƙi a gefe: saiti nawa aka gama a sati, da nawa aka dawo da su gyara. In cika alkawari ya hau amma ɗaya daga cikin waɗannan ya lalace, ba a ci gaba ba, wuri kawai aka canza wa matsalar.

Mai karatu zai ce ina kuɗi, tunda don su ake sana'ar? Ana duba su, amma da hattara, kuma ban yarda a sa su a matsayin babban ma'auni na wata shida ba. Dalili na farko tsadar kaya ce. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wanda ke nufin telan da cinikinsa ya ƙaru da kashi 20 a wannan shekara baya ya ci, ko da yake nairorin da ke hannunsa sun fi na bara yawa. Ƙirga saiti ya fi ƙirga naira faɗin gaskiya a irin wannan lokaci. Dalili na biyu shi ne kuɗin shago da na cefane a aljihu ɗaya suke kwana. Masu bincike uku, Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff, sun gwada wannan a kan ƙananan 'yan kasuwa a Sri Lanka, suka wallafa sakamakon a 2009. Sun gano cewa masu sana'a suna rage cinikin da suke faɗa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, kuma tambayar mutum kai tsaye ribar da ta rage masa a wata ta fi kusa da gaskiya a kan a sa shi ya jero ciniki da kashe-kashe a cire. Darasin ga mai horarwa shi ne tambaya ɗaya a ƙarshen wata ta wadatar: bayan ka biya yara, da zare, da man janareto, da masu surfani, nawa ya rage maka, har da abin da ka ɗauka ka yi hidimar gida? A rubuta, a riƙa yin tambayar da kalmomi iri ɗaya kowane wata.

Akwai kuma abin da ke zuciya, wanda shi ne ya kawo telan tun farko. Mutane da yawa suna auna shi da cewa ba wa kanka maki daga ɗaya zuwa goma. Ba laifi, amma yana da wata illa da ya kamata a sani. Mutum yakan ba wa kansa bakwai a kan iya tsara aiki kafin horo, saboda bai san yadda tsari mai kyau yake ba. Bayan wata uku idonsa ya buɗe, sai ya ba wa kansa biyar, alhali ya fi da iyawa nesa ba kusa ba. Mudun da yake awo da shi ne ya canza. Maganin abu biyu ne. Ko dai a ranar bibiya a ce masa ya sake ba wa kansa na da maki da idonsa na yau, ko kuma, wanda na fi so, a nemo wa damuwar wata alama da ake ƙirgawa. Ga telanmu alamar a fili take: kwana nawa a sati ya kashe waya ko ya bar shago don gudun mai kaya.

Ma'aunai sun zama biyar ke nan a kowane sati, da tambayar kuɗi sau ɗaya a wata. Kada a wuce haka. Mai sana'a ba akawu ba ne, kuma duk tsarin da zai ci masa fiye da minti goma a sati zai mutu kafin wata na biyu.

Yanzu sai maganar mafari, wato inda ake kafin a taɓa komai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi mutum ranar zaman farko, a rubuta abin da ya faɗa, a ce an samu. Tela zai ce yana cika alkawari sau bakwai ko takwas cikin goma, domin waɗanda ya cika su ne yake tunawa da daɗi. Wani kuma da ya zo cikin ɓacin rai zai ce ba ya cika ko ɗaya. Tunani ba littafi ba ne. Abin da ya dace shi ne a ware sati huɗu zuwa shida ana rubutu kawai, ba tare da mai horarwa ya ba da wata shawara ba. Wannan yana da wuya ga ɓangarorin biyu, domin wanda ya biya kuɗi yana son ya ga an fara, mai horarwa kuma bakinsa yana ƙaiƙayi. Amma sai an daure. A bayyana masa tun farko cewa waɗannan makonni suna cikin aikin.

Ga abin da littafin telan ya nuna a sati shida. A satin farko ya yi alkawarin saiti 20, ya cika 9. Na biyu 18, ya cika 11. Na uku 22, ya cika 8. Na huɗu 16, ya cika 10. Na biyar 24, ya cika 10. Na shida 20, ya cika 12. Jimla alkawari 120, an cika 60, rabi daidai. Shagon yana gama kimanin saiti 17 a sati, an dawo da 10 gyara a tsawon lokacin, kuma yana ɓuya kusan kwana biyu kowane sati.

A dubi waɗannan lambobi da kyau, domin suna faɗin abu biyu da tambayar rana ɗaya ba za ta taɓa faɗa ba. Na farko, ba tare da an yi komai ba, shagon yana lilo tsakanin kashi 36 a sati mafi muni da kashi 63 a mafi kyau. Da a ce satin uku kaɗai aka ɗauka a matsayin mafari, sannan aka dawo a sati irin na huɗu, da an yi ta murna cewa horo ya kusan ninka cika alkawari, alhali babu abin da ya canza. Wannan tarko ne babba, kuma yana da dalili. Mutum ba ya neman mai horarwa lokacin da komai ke tafiya daidai. Yakan zo ne a satin da abin ya kai masa iya wuya, kuma bayan sati mafi muni, na gaba yakan ɗan fi shi ko an yi magani ko ba a yi ba. Mai horarwa da bai san haka ba zai riƙa karɓar yabon da ba nasa ba, har ya yarda da kansa.

Abu na biyu ya fi daɗin gani. Shagon yana iya gama 17, maigida yana alkawarin 20. Kowane sati saiti uku suna taruwa a kan na baya, sabon aiki yana jiran tsoho, shi ya sa ko kayan da aka gama ma sukan fito a makare. Kuma satin da aka fi yawan alkawari, 22 da 24, su ne aka fi karya shi. Telan yana zargin yaransa da lalaci da kuma rashin wuta, amma littafi ya nuna bakinsa ne yake karɓar abin da kekunansa ba za su iya ba. Ba ya iya ce wa babban mutum ko ɗan'uwa a'a. Daga nan horon ya samu alƙibla: kada alkawarin sati ya wuce 15 har sai an share tarin da ke ƙasa, sannan a koya masa yadda zai ce, "Alhaji, in na ce maka Juma'ar nan na yaudare ka, amma ta sama in sha Allahu kayanka suna leda."

Wani zai ce ai rubutun ma da kansa yana gyara mutum, don haka mafarin ba tsantsa ba ne. Gaskiya ne. Wanda ya san ana ƙirga alkawarinsa yakan ɗan kame bakinsa. Wannan yana sa mafarin ya fi ainihin halin da ake ciki kyau kaɗan, ci gaban da za a gani daga baya kuma ya fito ƙasa da yadda yake. In za a yi kuskure, gara a yi shi ta wannan gefen.

Da mafari ya samu, sai a rubuta inda ake son kaiwa. Akwai wata hanya da Thomas Kiresuk da Robert Sherman suka fito da ita a 1968 a Amurka, don auna ci gaban masu neman lafiyar ƙwaƙwalwa, inda kowane mutum burinsa daban ne. Daga baya ta bazu zuwa masu gashin ƙashi da malamai da masu horarwa. Maimakon buri guda wanda ko a ci ko a faɗi, ana rubuta matakai biyar tun kafin a fara. Na tsakiya shi ne abin da ake kyautata zaton za a samu, biyu suna samansa, biyu suna ƙasansa. Ga telanmu an rubuta cewa bayan wata shida abin da ake tsammani shi ne kashi 65 zuwa 79. Daga 80 zuwa 89 an wuce tsammani, 90 zuwa sama an wuce shi sosai. Daga 50 zuwa 64 ana nan kusa da inda aka taso, ƙasa da 50 kuwa an ci baya. Su biyun suka sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Amfanin wannan takarda shi ne ta hana a matsar da turke daga baya. In ba a rubuta ba, duk abin da aka samu a ƙarshe za a ce ai dama shi ake nema.

Saura bibiya. Ta kasu hawa-hawa, kuma ranakunta a zaman farko ake sa su a kalanda. Kowace Alhamis da yamma babban yaron shago yana haɗa lambobin sati, ya ɗauki hoton shafin ya tura wa mai horarwa ta waya. An ba yaron wannan aiki da gangan, domin wanda ake aunawa bai kamata ya zama shi kaɗai ke riƙe da alƙalami ba. Duk sati biyu ana zaman horo, a buɗe shi da duba littafi na minti biyar. Sannan akwai babban zama a ƙarshen wata na uku da na shida, inda ake zana lambobin a takarda ɗaya, sati bayan sati, da layin kashi 50 a kwance a tsakiya. A waɗannan manyan zama mai horarwa yakan zaɓi sunaye biyar daga littafin, da izinin maigida, ya kira su ya tambaya ko sun sami kayansu ranar da aka ce musu. Ba don ana zargin kowa ba, don littafi ya ci gaba da zama abin yarda.

Ta yaya za a san canjin na gaske ne? A watan farko na horo telan ya samu kashi 58. Ya ji daɗi, amma mai horarwa ya ce a dakata, domin 58 tana cikin lilon da aka saba. Masu kula da ingancin aiki a asibitoci suna da wata ƙa'ida mai sauƙi da za a iya ara: sai an ga maki shida a jere duk a gefe ɗaya na layin tsakiya kafin a ce wani abu ya sauya. Hikimar ita ce in da sa'a ce kawai, kowane sati yana iya faɗawa sama ko ƙasa, kuma a samu shida a jere duk a sama abu ne da zai faru kamar sau ɗaya cikin 64. Daga sati na biyar zuwa na goma sha biyu shagon bai sauko ƙasa da 64 ba, matsakaicinsa ya kai 70, adadin saitin da ake gamawa bai ragu ba, gyara ma bai ƙaru ba. A nan ne mai horarwa yake da hujjar cewa an motsa.

Sai azumi ya kama a wata na huɗu. Kowa ya san yadda shagon tela yake a goman ƙarshe: yadi har rufi, ana kwana a kan keke, masu surfani su ma sun cushe. Lamba ta faɗo zuwa 55. Telan ya karaya, ya ce an koma gidan jiya. A irin wannan rana mai horarwa yake cin kuɗinsa. Watan sallah ba a gwada shi da watan da ba na sallah ba, da sallar bara ake gwada shi. Babu littafin bara, amma akwai abin da ake iya tunawa ba tare da kuskure mai yawa ba: mutum nawa ne suka yi idi ba tare da kayansu ba? Telan da yaransa suka lissafo sunaye goma sha ɗaya na bara. Bana mutum uku ne. Kuma da aka duba ma'auni na biyu, sai aka ga a sati biyun ƙarshe an daina duba littafi kafin a faɗi rana, alkawari ya haura 30 a sati. An san ke nan abin da za a shirya wa babbar sallah: ranar rufe karɓar ɗinki, a rubuta ta a manna a ƙofa. A lura kuma cewa sallah tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka gwada watan Maris na bana da Maris na bara ba lallai ya zama gwada abu iri ɗaya ba. Kowace sana'a tana da irin wannan lokaci nata, ko kaka, ko damina, ko komawar yara makaranta, kuma mai horarwa ya kamata ya tambaya tun ranar farko.

Saboda irin haka ake barin fili a gefen kowane sati don rubuta abin da ya faru: taransifoma ta lalace kwana tara, yaro ɗaya ya tafi gida jinya, an sayi sabon keke, wani tela ya buɗe shago a layin. Layi ɗaya ya isa. Ranar babban zama wannan gefen shafi shi ne yake hana a ɗora wa horo laifin da ba nasa ba, yake kuma hana shi cin ladan sabon keke. Da mutum ɗaya ake aiki, babu wani shago irinsa sak da aka bari ba horo don a gwada, saboda haka mai horarwa ba zai iya rantsuwa cewa shi ne sanadi ba. Abin da zai iya cewa da gaskiya shi ne ɗabi'ar da aka sa a gaba ta fara canzawa, sakamako ya biyo bayanta, kuma babu wani abu a gefen shafi da ya isa ya bayyana canjin.

A ƙarshen wata na shida matsakaicin sati shida na ƙarshe ya tsaya a 78, wato matakin da aka yi tsammani. Ɓuya ta ragu zuwa kwana ɗaya a wata. Ribar wata ta ɗan ƙaru, amma da aka dubi yadda zare da fetur suka tashi, su biyun suka yarda ba za a ce komai a kanta ba tukuna.

Bibiyar da aka fi watsi da ita ita ce ta bayan an rabu, kuma a ganina ita ce mafi faɗin gaskiya. A unguwar Dandora ta birnin Nairobi an yi wani gwaji da aka wallafa a 2018, inda aka haɗa mata masu ƙananan sana'o'i da gogaggun 'yan kasuwa na yankinsu don su riƙa ba su shawara. Ribarsu ta ƙaru da kimanin kashi 20 cikin ɗari, amma da alaƙar ta riƙa yankewa sai ƙarin ya riƙa dusashewa. Wanda ya auna a tsakiyar shirin kaɗai zai tafi da labari daban da wanda ya dawo daga baya. Muddin mai horarwa yana zuwa duk sati biyu, wani ɓangare na abin da ake gani kunyar idonsa ce. Don haka a sa ranar dawowa wata uku bayan zaman ƙarshe, in da hali a ƙara wata bayan shekara, kuma kuɗin wannan ziyara ya shiga cikin yarjejeniyar farko don kada ta zama alfarma.

A wannan ziyara abin da za a fara dubawa shi ne littafin kansa: har yanzu ana rubutawa, ko shafin ƙarshe yana ɗauke da kwanan watan rabuwa? A shagon telanmu an tarar ana rubutu, sai dai an tsallake sati biyu lokacin da babban yaron ya yi tafiya, lamba kuma ta sauko zuwa 72. Wannan ya nuna tsarin yana rataye ne a wuyan mutum ɗaya. Aka koya wa yaro na biyu haɗa lissafin Alhamis, aka mayar da iyakar alkawari 17 tunda tarin baya ya ƙare, aka sa ranar dubawa ta gaba sati biyu bayan ƙaramar sallah mai zuwa.